Jagora ga ma'aikatan sashen saye da sashen kuɗi: saƙonnin imel da ke cakuɗewa, da yadda za ku raba su

Assalamu alaikum. Ƙorafin da ya fi yawa a teburin sashen kwamfuta cikin makonni biyu da suka wuce shi ne na saƙonnin da ake cewa sun ɓace. Mun duba akwatunan da aka kawo mana, babu saƙon da ya ɓace. Suna nan, manhajar imel ce ta ɗaure su dami guda da wasu saƙonnin da ba ruwansu da juna. Takardar neman farashin siminti da aka tura wa dillalai 18 ita ce misali mafi kusa: amsoshi 11 sun shigo, amma a akwati layi ɗaya tak ake gani, da 'yar lamba a gefen sunan mai aikowa. Wanda ya buɗe ya karanta na ƙarshe, ya ɗauka shi kaɗai ya amsa.

Wannan tsari shi ne ake kira Conversation view a Gmail, Show as Conversations a Outlook, Organize by Thread a wayar iPhone. Amfaninsa a bayyane yake idan mutum biyu ko uku ne ke musayar magana a kan abu ɗaya. A aikinku kuwa, inda kowane saƙo takarda ce mai zaman kanta da kuɗi a cikinta, ɓarnarsa ta fi amfaninsa, shi ya sa muke ba ku shawarar ku kashe shi.

Abin da ke haɗa saƙonnin

Kowane imel yana ɗauke da wasu layuka a kansa waɗanda ba a nuna muku. A Gmail, idan kuka buɗe saƙo, kuka danna ɗigo uku da ke gefen maɓallin amsa, kuka zaɓi Show original, za ku gan su. Uku ne suka shafe mu:

```
Message-ID: <b72@example.com>
In-Reply-To: <a15@example.com>
References: <a15@example.com>
```

Na farko lambar shaidar saƙon ce, babu saƙo biyu da ya kamata su yi tarayya a kanta. Na biyu yana faɗin saƙon da ake amsawa. Na uku yana jero lambobin saƙonnin da suka gabata a wannan magana. Duk lokacin da mutum ya danna Reply, manhajarsa na cike layi na biyu da na uku da kanta, ko ya sani ko bai sani ba. Dillalan nan 18 saƙo ɗaya aka tura musu ta Bcc, don haka amsar kowannensu tana nuni zuwa lamba ɗaya, take kuma ɗaya ne. A wurin manhaja hira ɗaya ce, alhali a wurinku farashi 11 ne daga kamfanoni masu gogayya da juna.

Hanya ta biyu ita ce ta take. Gmail na iya haɗa saƙonnin da ba amsar juna ba ne idan takensu ɗaya, mai aikowa ko masu karɓa ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mako guda ba. A shekarar 2019 Google ta ƙara sharaɗi cewa idan saƙo yana da layin References, dole ya ambaci lambar wani saƙo na cikin damin kafin a haɗa shi. Amma saƙon da na'ura ke aikowa sau da yawa ba shi da wannan layi gaba ɗaya. Nan ne matsalar fom ɗin shafinmu na intanet take: kowane oda daga adireshi ɗaya yake fitowa, da take iri ɗaya, sai odar abokin ciniki na Kano ta kwanta a kan ta na Gusau. Haka na'urar sikana ta ofis, duk takardar da aka saka mata da take ɗaya take aikowa. Gmail kan fara sabon dami idan take ya canza ko saƙonnin sun haura 100.

Ta uku kuma ɗabi'ar mutane ce. Wani yana so ya rubuto muku sabuwar magana, maimakon ya nemi adireshi sai ya lalubo tsohon saƙo na watan jiya, ya danna Reply, ya goge abin da ke ciki, ya rubuta nasa. Layukan ɓoye suna nan yadda suke. Ko ya canza take, manhajoji irin su Thunderbird za su kai saƙon ƙarƙashin tsohuwar magana, domin lambar suke bi. Gmail kan raba idan an canza taken, idan ba a canza ba rasit ɗin wannan wata zai shige ƙarƙashin gaisuwar Sallah.

Ba ɓuyar saƙo kaɗai ce illar ba. Idan kuka zaɓi layin daga akwati kuka danna Delete, duk saƙonnin da ke cikin damin ne za su tafi, ba na sama kaɗai ba. A Gmail suna zama a Trash kwana 30, daga nan su goge har abada. Archive da Mute ma dami suke ɗauka gaba ɗaya, haka Ignore na Outlook, wanda ke jefa saƙonnin yanzu da duk masu zuwa a wannan hira cikin Deleted Items. Mafi haɗari shi ne akwatin amsa da ke can ƙasa: saƙon ƙarshe yake amsawa. Kuna karanta farashin dillali na uku, ku gangara ku rubuta amsa, ta tafi wurin na goma sha ɗaya.

Yadda ake kashewa a Gmail

A kwamfuta, ku danna alamar saiti mai kama da giya a sama ta dama, ku zaɓi See all settings. A shafin General ku gangara zuwa Conversation View, ku zaɓi Conversation view off. Kada ku tsaya nan. Ku gangara har ƙarshen shafin ku danna Save Changes, domin yawancin waɗanda ke cewa sun kashe amma bai kasu ba, wannan maɓallin suka tsallake. Akwai gajeriyar hanya: a ƙaramin allon da ke fitowa da zarar an danna alamar saiti, can ƙasa ƙarƙashin Email threading, ku cire alamar da ke gefen Conversation view, ku amince shafin ya sake lodi.

A wayar Android, ku buɗe Gmail, ku taɓa layuka uku na sama ta hagu, ku shiga Settings, ku taɓa adireshin imel ɗin, ku cire alamar Conversation view. Saitin yana bin asusun ne, wato idan kun kashe a kwamfuta zai kasu a waya, sai dai yakan ɗan ɗauki lokaci. Wanda ke da asusu biyu sai ya yi wa kowanne nasa. Idan kuma asusun ba na Gmail ba ne, an ɗora shi ne ta IMAP ko Exchange, maɓallinsa yana ƙarƙashin General settings.

Outlook

Outlook iri biyu ne a kwamfutocin ofis, sai ku duba wanda ke gabanku. A tsohon, ku shiga shafin View, ku cire alamar Show as Conversations. Zai tambaye ku This folder ko All mailboxes. Ku zaɓi All mailboxes, in ba haka ba folda ɗaya kawai za ta gyaru, sauran su ci gaba da cakuɗa. A sabon Outlook da na burauza, ku shiga Settings, sai Mail, sai Layout, ku nemi Message organization, ku zaɓi Do not group messages. A wasu sigogin an rubuta shi Show email as individual messages, aiki ɗaya suke yi. Saitin tsohon Outlook a kwamfutar yake zama, ba ya bin asusu zuwa waya, don haka manhajar Outlook ta waya sai an shiga Settings ɗinta an kashe nata daban.

Masu amfani da manhajar Mail ta iPhone su shiga Settings na wayar, sai Mail, su kashe Organize by Thread. Daga iOS 18 sai an bi ta Apps kafin a ga Mail. A Thunderbird, View, sai Sort by, sai Unthreaded, kuma folda-folda ake yinsa.

Abin da za ku gani bayan kun kashe

Akwatin zai yi tsawo nan take, layi ɗaya ya koma goma. Ba sababbin saƙonni ne suka shigo ba, na da ne suka warwatsu, kowanne ya koma gurbinsa bisa ranar da ya iso. Lambar waɗanda ba a karanta ba ma tana iya ƙaruwa, saboda yanzu saƙo ake ƙirgawa ba dami ba. Ku daure ku bi su ɗaya bayan ɗaya a ranar farko, a nan ne za ku tsinci takardun da ake ta nema. Babu abin da ke gogewa, babu abin da ke canzawa a akwatin wani, kuma duk ranar da kuka so mayar da tsohon tsari, hanya ɗaya ce.

Akwai abin da za ku rasa, gara ku sani tun yanzu. Amsoshin da kuka aika ba za su ƙara bayyana tare da saƙon da kuka amsa ba, suna cikin Sent. Don haka kafin ku amsa wa dillali, musamman a akwatin da mutum biyu ko uku ke amfani da shi, ku tabbata ba a riga an amsa ba. A Outlook ƙaramar kibiya a gefen saƙo tana nuna an amsa shi. A Gmail hanya mafi sauri ta ganin duk abin da ya gudana tsakaninku da mutum ɗaya ita ce ku rubuta wannan a wurin bincike, ku sa adireshinsa a madadin na misali:

```
from:dillali@example.com OR to:dillali@example.com
```

Wanda aikinsa doguwar tattaunawa ce da mutane kaɗan, kamar masu bin kwangila ɗaya wata da watanni, ba laifi ya bar tsarin a kunne. Sai dai ya kiyaye abu ɗaya: idan zai amsa ko zai goge, ya yi amfani da kibiya da ɗigo uku da ke kan saƙon da yake nufi, ya kuma karanta sunan da ke layin To kafin ya danna Send.

Gyara daga tushe

Kashe tsarin yana gyara abin da idonku ke gani ne kawai. Mutanen da kuke rubuta wa, nasu yana nan a kunne, saboda haka yadda kuke aika saƙo ma sai ya canza. Sabuwar magana, sabon saƙo: Compose a Gmail, New Email ko New mail a Outlook, ba Reply a kan tsoho ba. Ku daina take irin "Rasit" ko "Gaggawa" su kaɗai, ku sa lambar takarda da sunan kaya, kamar "Rasit 0472, siminti buhu 300". Neman farashi kuwa, a tura wa kowane dillali nasa daban da sunan kamfaninsa a take. Ya fi Bcc cin lokaci, amma amsar kowa za ta tsaya ita kaɗai ko a akwatin wanda bai kashe komai ba, kuma farashin wani ba zai cakuɗe da na wani ba.

Fom ɗin shafin intanet aikinmu ne. Daga ranar Litinin kowane oda zai riƙa zuwa da lambarsa da sunan mai saye a cikin take. Na'urar sikana kuma tana ba da damar rubuta take a allonta kafin a aika, ku riƙa sa lambar takardar a wurin. Wanda ya goge dami bisa kuskure ya duba Trash ko Deleted Items yau ɗin nan, ya mayar da shi Inbox. Idan bai gani ba, ya kawo mana adireshin mai aikowa da ranar da yake zaton saƙon ya shigo.