Kurna ce ko Maraɗi?

Bayan sallar isha'i, a teburin mai shayi. Sadisu direban adaidaita sahu ne, Nazifi kuma mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Tun suna makarantar allo suke tare. Hoton da ya haɗa su gardama na wani titi ne mai cunkoso: jaki yana jan amalanke cike da yara 'yan makaranta, adaidaita biyu suna biye da shi. A ƙasa an rubuta: "Kano bayan cire tallafin mai."

Sadisu: Mutumina, ka ga abin da na turo maka da la'asar? Tun safe yake yawo. Wallahi da na gani sai da idona ya kawo ruwa. Yara a amalanken jaki, a cikin birnin Kano!

Nazifi: Na gani. Amma kada ka ƙara tura wa kowa, wannan ba Kano ba ce.

Sadisu: Kai kuma ka fara. Kurna ce, titin Katsina. Kullum sai na bi wurin sau biyar ko shida, kai da kake wuni a rumfa za ka gaya mini?

Nazifi: To wane waje ne a Kurna? Nuna mini gini ɗaya da ka sani.

Sadisu: Ba sai na nuna gini ba. Dubi bishiyoyin darbejiya, dubi mai rake a gefe, dubi hular mutumin da ke kora jakin. Adaidaitar ma ruwan ɗorawa ce irin tamu.

Nazifi: Darbejiya da rake da hula, daga nan har Agadas za ka same su. Miƙo wayar. Bari in buɗe hoton sosai. Ka ga shagon nan mai koren ƙofa? Karanta abin da ke samansa.

Sadisu: "Pharmacie." To, kemis ne.

Nazifi: Da Faransanci. Ka taɓa ganin mai kemis a Kurna ya rubuta haka?

Sadisu: 'Yan Nijar nawa ne a garin nan? Je ka Kantin Kwari ko Dawanau ka ƙirga. Idan mutumin Damagaram ya buɗe shago, wa zai hana shi rubuta abin da ya iya?

Nazifi: Na yarda, allo ɗaya ba hujja ba ne. To ga na biyu. Wannan lemar da mai sayar da kati yake ƙarƙashinta, me aka rubuta a jiki?

Sadisu: Moov.

Nazifi: Layukanmu a nan MTN ne da Airtel da Glo da 9mobile da ya koma T2. Moov ba ya aiki a Najeriya. Kuma duk faɗin titin nan babu allon MTN ko ɗaya. A Kano za ka yi taku ashirin ba ka ga wannan rawayar ba? A Nijar kuwa babu MTN ɗin sam.

Sadisu: Lema ai tana tafiya. Gwanjonta ake kawowa. Ni kaina akwai sitikar wani ɗan takarar Kamaru a bayan mashin ɗina, a haka na karɓe shi.

Nazifi: Madalla da ka kawo zancen mashin. Yanzu sana'arka zan tambaye ka, kai ne malami. Akwai adaidaitar da za ta yi kwana ɗaya tana lodi a Kano ba lambar KAROTA a jikinta?

Sadisu: Ko awa ɗaya ba za ta yi ba.

Nazifi: To ina take a nan?

Sadisu: Ƙila ta ɗaya gefen take.

Nazifi: Duka biyun? Sannan lambar abin haya a wurinmu jan rubutu ce, ga sunan jiha a sama, ta Kano da "Centre of Commerce". Duba ta farar motar da ke fakin a dama. Hoton ya dushe, amma ana ganin RN. Jamhuriyar Nijar ke nan.

Sadisu: Motocin Nijar suna shigowa Kano kullum.

Nazifi: Suna shigowa. Amma sai a ce motar Nijar, da lemar Nijar, da kemis ɗin Nijar duk sun yi alkawarin haɗuwa a Kurna rana ɗaya? Ga kuma 'yan babur can sun jeru a inuwa suna jiran fasinja. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a garin nan. Ana ɗan yi a ɓoye a lunguna, ban musa ba, amma tasha guda a bakin babban titi? Waɗannan 'yan kabu-kabu ne.

Sadisu ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo, shayinsa har ya huce.

Sadisu: To in ba Kano ba ce, ina ne?

Nazifi: Zuciyata ta fi ba ni Maraɗi. Na je sau biyu kai kayan waya, ta Katsina, Jibiya, Ɗan Isa. Ba abin mamaki ba ne ka ɗauka gida ne. Katsinawa ne suka kafa masarautar garin bayan jihadi, har gobe sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Hausa ɗaya, sutura ɗaya, adaidaitar ma suna da ita. Amalanken jaki kuwa can ba abin kallo ba ne, da shi ake dakon ruwa da itace da buhunan gero tun kafin a yi zancen tallafi.

Sadisu: Nazifi, kai ba ka shan mai, shi ya sa kake da lokacin karanta lema. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200, kafin mako ya zagayo ta haura 500. Na san gidaje uku a layinmu da suka sallame ni daga kai yaransu makaranta, yanzu a ƙasa suke tafiya, har da 'yar shekara shida. Ni kuma balas ɗin mai mashin bai ragu ba. Sai ka ce mini hoton ƙarya ne?

Nazifi: Wahalar gaskiya ce, ina ganinta a jikinka, ni ma janareton rumfarmu da mai yake tashi. Hoton ma gaskiya ne. Rubutun da aka liƙa masa ne ƙarya. Kuma ka san abin da nake tsoro? Gobe wani ya fito ya nuna cewa Nijar ce, sai a ce duk kukan da muke yi sharri ne. Yaran layinku da ke tafiya a rana, su ne za su yi asara.

Sadisu: Wannan kam ta shige ni.

Nazifi: Akwai ma sauran abu. Can ƙarshen titi, wancan baƙin allon mai murabba'i ruwan lemo, na kamfanin Orange ne. A 2019 aka sayar da reshensa na Nijar, daga baya ya koma Zamani. Ina zargin hoton ya girmi cire tallafin da shekaru.

Sadisu: A'a, nan ban bi ka ba. Tsohon allo yana shekara goma ba a sauke shi ba. A unguwarmu har yau akwai shagon da ke ɗauke da Celtel.

Nazifi: Ka yi gaskiya, wannan ba ta tsaya da ƙafarta ba. In na koma gida na samu sabis mai kyau zan saka hoton a Google in ga ranar da ya fara fitowa.

Sadisu: Kuma Maraɗin ma ban sallama ba. Wancan tudun dutsen da ke leƙowa ta bayan gidaje, Maraɗi tana da shi? Damagaram ce garin duwatsu.

Nazifi: Ina? Kawo in gani. Kai, ban lura da shi ba. Ko dai tarin yashi ne?

Sadisu: Yashi da wannan girman? Mijin yayata Bintu mutumin Damagaram ne, a unguwar Birni ya tashi. Bari in tura masa, shi zai raba mu.

Nazifi: Tura masa. Amma ka fara goge wanda ka sa a zauren direbobinku.

Sadisu: Mutum arba'in sun riga sun gani. Gogewa kaɗai ba ta isa ba, sai na yi musu murya na ce ba Kurna ba ce. Mai shayi, ɗan ɗumama mini wannan.