Bayani kan diyyar gyaran motar Hajiya

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Ya gida, ya yara? Allah ya ƙara tsarewa, tunda direba bai ji ciwo ba mun gode Allah.

Na samu saƙonki cewa gyaran Corolla ya ci N180,000 amma alat ɗin da ya shigo N130,000 ne. Ranki ya daɗe, ba kuskuren lissafi aka yi ba. N50,000 ɗin da ba ki gani ba ita ce kason mai mota, wanda takardar inshora ke kira ekses, wasu kamfanonin kuma su ce didaktibul. A wurinki duk aikinsu ɗaya: kuɗin farko na kowace asara ke za ki ɗauka, kamfani ya biya abin da ya haura.

Ki duba shafi na biyu na takardarki. An rubuta kashi 10 cikin 100 na kuɗin gyara ko N50,000, duk wanda ya fi yawa. Kashi 10 na N180,000 N18,000 ne, bai kai ba, shi ya sa aka cire N50,000.

A nan ƙaramar ɓarna take ciwo. Fiye da rubu'in kuɗin bamba da fitilar da ɗan adaidaita ya fasa a Zoo Road ya tafi a kason. Da a ce, Allah ya kiyaye, gyaran miliyan biyu ne, N200,000 za a cire, ki karɓi N1,800,000. Da madubi ne kawai na N35,000, ko sisi ba za a biya ba. Kuma kowane haɗari da nasa kason, ba sau ɗaya ake cirewa a shekara ba.

Dalilin sharaɗin, ko ƙwarzane aka kawo sai an tura mai duba ɓarna an buɗe fayil, wani lokaci ɗawainiyar ta fi gyaran tsada. Da babu kason, kuɗin da kike biya duk shekara ne zai hau. Yana kuma sa direbobi kula, kin dai san halin tuƙin Kano.

Tunda ɗan adaidaitan ne da laifi, kina da damar neman N50,000 ɗinki daga inshorarsa, in takardarsa ta gaske ce. Ki sa direba ya turo mini lambar keken in bincika.

In sabuntawa ta zo a watan Maris, za ki iya ƙara ɗan kuɗi a ɗauke miki kason, zan kawo lissafin ki gani. Kafin nan, duk ƙaramar ɓarnar da ta faru ki kira ni tun kafin a kai mota gareji. In gyaran bai wuce N70,000 ba, ni dai shawarata a sanar da kamfani amma a gyara daga aljihu, don kada N20,000 ta jawo miki asarar rangwamen da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba.

A gaida Alhaji. Na gode.

Wakilinki na inshora