Littafin Ma'aikata na Shagon Ɗinkinmu, Aboabo, Kumasi

Bugu na 3, Janairu 2025. Duk mai riƙe da bugu na 2 ya mayar wa Hajiya, an daina aiki da shi.

Ana buɗe shago ƙarfe 8 na safe, a tashi ƙarfe 5, Litinin zuwa Juma'a, da hutun awa ɗaya na azahar da abinci. Ran Juma'a hutun na masallaci ne. Awa 8 ke nan a yini, 40 a mako, yadda Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta ƙayyade. Abin da ya ɗora a kai, kamar daren jajibirin Salla da ba ma runtsawa, kuɗinsa daban, kuma babban tela ya rubuta shi a daren.

Albashi na shiga ta MoMo ran 28 ga wata. Ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na SSNIT, wato asusun fansho na ƙasa, shago ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa. Sabon ma'aikaci ya kawo katinsa na ɗan ƙasa tun makon farko.

Hutun shekara kwana 15 ne na aiki, da cikakken albashi. A nema da wuri, kuma don Allah kada kowa ya sa shi a goman ƙarshe na azumi. Mai jego tana da mako 12, in ta dawo kuma tana da awa ɗaya kullum ta shayarwa.

Sai batun yadi, wanda shi ya fi haddasa mana rigima. Ƙyallen da ya rage na mai kaya ne, ko da bai fi tafin hannu ba. A naɗe shi cikin ɗinkin. Wanda ya yanka shadda ba daidai ba ya faɗa nan take, a san yadda za a fuskanci mai ita. Ɓoyewar ce ke jawo takardar gargaɗi. Ba a karɓar kuɗin ɗinki a layin kowa sai na shago.

Mai son barin aiki ya sanar da mako 2, ko wata guda in kwantiraginsa ya kai shekara 3. Shago ma haka zai yi masa.

Littafin nan na hannun babban tela. Akwai ƙaramin littafi kusa da teburin yanka. Duk abin da ya faru wanda ba mu tanada ba, a rubuta shi can. Makon farko na Janairu mu zauna mu tace, a fitar da sabon bugu. Amma in gwamnati ta sanar da sabon mafi ƙarancin albashi, ko doka ta canja, ba ma jiran Janairu: a gyara shafin, a sa masa kwanan wata, a karanta wa kowa da Hausa da harshen Asante, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Saƙon WhatsApp, ko daga Hajiya ne, bai zama doka ba sai ya shiga nan.