Wasiƙa Zuwa Ga Direbobinmu A Kan Lambar Lodi Da Harafin Gudu Na Taya

Zuwa ga dukkan direbobin manyan motoci da na bas-bas, da yaran mota, da ma'aikatan gareji.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kowa ya dawo daga hanya lafiya.

Daga ranar Litinin mai zuwa, ba tayar da za a ɗaura wa motar kamfani, a gareji ko a kan hanya, sai direban motar ya karanta rubutun da ke jikinta da idonsa ya yarda. Tunda na ɗora muku wannan nauyi, haƙƙinku ne in yi muku bayanin abin da za ku karanta. Da yawanku kun girme ni, wasu ma kun fara riƙe sitiyari tun ina makaranta, don haka ba tuƙi zan koya muku ba. Magana ce a kan lamba guda da harafi guda waɗanda yawancinmu muke tsallakewa idan mun zo duba taya.

Dalilin da ya sa na ga ba zan jira taron ƙarshen wata ba shi ne, a binciken da gareji ya yi a makon jiya, an samu ɗaya daga cikin bas ɗinmu da tayar ƙaramar mota a ƙafar baya ta dama. Direban ya yi faci a hanya, tayar ta lalace, mai faci ya kawo masa wata wadda girmanta ya yi daidai, ta zauna a wili ba gardama, ya biya ya taho. Ban ga laifinsa ba, domin abin da aka saba dubawa ke nan: girma da zane. Amma girma ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya.

Ku je ku tsuguna gaban tayar babbar mota, ku share ƙura da tsumma, za ku ga an rubuta 315/80 R22.5 156/150 L. Kashin farko kun san shi: 315 faɗin taya ne a milimita, 80 na nufin tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari ne na faɗin, 22.5 kuma girman wili ne a inci. Abin da ya biyo baya, wato 156/150 L, shi ne maganarmu.

Lambar 156 ba kilo 156 ba ce. Alama ce da ake dubawa a jadawali wanda duk kamfanonin taya suka yarda da shi, kuma a wannan jadawali 156 tana nufin kilo 4,000. Wannan shi ne iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka idan ita kaɗai ce a gefenta, kamar a ƙafar gaba. Tayoyin gaba guda biyu ke nan suna iya ɗaukar kilo 8,000 a tsakaninsu. Lamba ta biyu, 150, tana nufin kilo 3,350, kuma ita ce ke aiki idan an jera tayoyin biyu-biyu kamar a ƙafar baya. Tayoyi huɗu a ƙafa ɗaya sun ba da kilo 13,400.

Wani zai ce, taya ɗaya ce, me ya sa ƙarfinta zai ragu don an haɗa ta da 'yar'uwarta? Saboda tagwayen taya ba sa raba kaya daidai. Titi yana da tudu a tsakiya yana gangarawa gefe don ruwa ya wuce, sai ta ciki ta fi shan nauyi. Ɗaya tana iya fin ɗaya iska, ko ɗaya ta fi suɗewa, sai mai tsayin ta ɗauke wa gajeriyar aiki. Ga shi kuma suna kusa da juna, zafin wannan yana dukan waccan. Shi ya sa masu ƙera taya suka rage lambar tun daga masana'anta. Ku lura da wannan lissafi: idan ƙafar baya tana ɗauke da kilo 12,000, kowace taya tana da 3,000, lafiya lau. Amma da zarar ta ciki ta sace ba ku sani ba, ta wajen ta koma ɗaukar kilo 6,000 ita kaɗai, alhali ko a matsayin tilo iyakarta 4,000 ne. Ba za ta daɗe ba. Sau da yawa idan aka ce tayoyi biyu sun fashe tare, ɗaya ce ta fara mutuwa a ɓoye ta ja ɗayar.

A bas ɗinmu kuma rubutun shi ne 195/70 R15C 104/102 R. Harafin C da ke manne da 15 yana nuna tayar motar kasuwanci ce, mai ƙaƙƙarfan gini da ke karɓar iska mai yawa. Lambar 104 kilo 900 ce, 102 kuma kilo 850. Tayar da aka samu a bas ɗin da na ambata tana ɗauke da 97, ba ta da C, kuma 97 kilo 730 ne. Bambancin kilo 170 ke nan a taya ɗaya, nauyin manyan mutane biyu da jakunkunansu, kuma a ƙafar baya inda fasinja da kaya suke taruwa. A ido lambobin suna kusa, 97 da 104, amma kowane mataki ɗaya a jadawalin yana ƙara kusan kashi uku cikin ɗari, don haka kada ƙanƙantar tazarar ta ruɗe ku.

Sai harafin ƙarshe. Shi ne ke faɗin iyakar gudun da tayar za ta jure tana ɗauke da cikakken lodinta. J kilomita 100 ne a awa, K 110, L 120, M 130. A ƙananan motoci za ku ga R 170, S 180, T 190, H 210, V 240. Ku kula, H ya fita daga jerin haruffa, ya zo bayan T, don haka kada a ce ai H na gaba da L a karatu, a ɗauka ya fi shi rauni. Haka kuma R ɗin da ke gaban 22.5 ko 15 ba na gudu ba ne, yana nuna irin ginin tayar ne. Na gudu shi ne wanda ya biyo bayan lambar lodi.

A nan nake so ku tsaya ku fahimce ni sosai. L ba izini ba ne na taka tirela zuwa 120. An samo wannan adadi ne a ɗakin gwaji, da sabuwar taya wadda ba ta taɓa faɗawa rami ba, ba a taɓa yi mata faci ba, iskarta cif, tana juyawa a kan wani santsin ƙarfe. Tayarku tana kan kwalta da tsakar rana, ta sha duwatsu da ramuka. Dokar kamfani tana nan yadda take: kilomita 80 ga manyan motoci, 100 ga bas, ko ƙasa da haka inda alamar hanya ta ce. Tazarar da ke tsakanin 80 da 120 ita ce rarar da ke kare ku ranar da rana ta yi zafi ko iska ta ɗan ragu, ba ta cinyewa ba ce. Idan kuma aka samu haruffa daban-daban a mota ɗaya, mafi ƙanƙanta shi ne iyakar motar gaba ɗaya.

A wasu tayoyin za ku ga ƙarin rubutu a kusa, galibi cikin da'ira, kamar 154/150 M. Ma'anarsa, tayar za ta iya 130 idan an rage mata kaya daga kilo 4,000 zuwa 3,750. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa lodi da gudu daga asusu ɗaya suke cira: ka ƙara ɗaya, dole ka rage ɗaya.

Abin da ya haɗa su shi ne zafi. Duk juyi ɗaya da taya ta yi, gefenta yana lanƙwashewa a ƙasa ya sake miƙewa, kamar yadda waya ke ɗaukar zafi a hannu idan kana lanƙwasa ta kana miƙewa har ta karye. Kaya mai yawa yana ƙara zurfin lanƙwasar, gudu yana ƙara yawanta a minti, ƙarancin iska kuma yana yin abin da lodi ke yi. Idan zafin ya wuce kima, robar tana rabuwa da wayoyin ƙarfen da ke ciki, daga nan sai kumburi, ko zanen ya ɓare gaba ɗaya, ko fashewa. Ɓarnar da zafi ya yi ba ta gyaruwa don taya ta huce. Tayar da aka wahalar yau tana iya fashewa bayan mako biyu a hannun wani direban da bai yi komai ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin motocin nan kuna karɓa-karɓa ne.

Saboda haka lambar lodi ba ta aiki sai da cikakkiyar iska, don iskar ce ke ɗaukar kayan, robar riƙe ta kawai take yi. A auna da geji da safe kafin mota ta motsa, har da ta ciki da sifiya. Buga taya da ƙarfe yana gaya maka ta sace ko ba ta sace ba, amma ba ya gaya maka ta ragu da kashi goma. Idan kun auna a tsakiyar tafiya kuka ga iskar ta hau, haka ya kamata, kada ku sace ta. Wanda ya rage iskar taya mai zafi zai wayi gari da taya marar iska.

Ku tuna kuma lambar taya ba ita ce kaɗai iyaka ba. Akwai abin da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta wa kowace ƙafa a farantin da ke jikin ƙofa, akwai kuma abin da dokar hanya ta yarda. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin ukun shi muke bi. Sannan jimillar lodi tana iya zama daidai a sikeli amma an tara shi a wuri ɗaya, ƙafa ɗaya ta wuce iyakarta. Ku tsaya a kan masu lodi su baza kaya.

Gareji zai manna wa kowace mota kati a gaban direba, ɗauke da girman tayarta, mafi ƙarancin lambar lodi, harafin gudu da adadin iska. Idan taya ta lalace a hanya, ku fara da sifiya. Idan dole sai an saya, lamba da harafi su yi daidai da na katin ko su fi, kada su gaza ko da mataki ɗaya. Ku ɗauki hoton rubutun ku turo wa shugaban gareji kafin a ɗaura, ku haɗa da lambobi huɗun nan na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a jikin tayar, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira: 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Tayar da aka kankare rubutunta ko ya goge, a bar wa mai ita.

Na san matsin da kuke sha daga masu kaya da ke son a ƙara buhu goma, da masu kiran waya suna tambayar ina kuka kai. Duk direban da ya ƙi ɗaukar lodin da ya wuce kati, ko ya makara saboda ya tsaya neman tayar da ta dace, ba za a cire masa ko kwabo ba, ba kuma za a rubuta masa takardar gargaɗi ba. Ku ce manaja ne ya hana, ku ba su lambata, ni zan amsa.

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe za mu haɗu a gareji, kowa ya tsaya gaban motarsa ya karanta mana tayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Wanda karatun boko ke ba shi wahala kada ya ji nauyi, za mu bi lambobin tare har su zauna. Waɗanda ke kan hanya ranar, shugaban gareji zai zauna da su idan sun dawo.

Allah ya tsare hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.

Naku,
Manajan Sashen Motoci