Sashe na 7: Nisan Huji daga Baki da Tazarar Bol a Mahaɗin Farantin Ƙarfe

Ƙa'idojin aikin ƙarfe na rufin ɗakin ajiyar kaya mai faɗin mita 24

7.1 Abin da sashen ya shafa

Wannan sashe ya shafi duk mahaɗin da aka ɗaure da bol da noti a ƙarafan rufi, har da mahaɗin J4 da ke tsakiyar ƙarfen ƙasa na kowace tankar rufi. An yi lissafi bisa ƙa'idar Turai ta EN 1993-1-8, za a kuma ƙera bisa ta EN 1090-2. Faranti na ajin S275 ne, bol na ajin 8.8. Idan zane ya saɓa da wannan sashe, ɗan kwangila ya dakata ya tambayi injiniya kafin a huda.

7.2 Yadda ake awo

Duk awo daga tsakiyar huji yake farawa, ba daga gefensa ba. Alamomin da ke kan zane su ne:

- d: kaurin bol, d0: faɗin huji
- t: kaurin farantin waje da ya fi sirantaka
- e1: daga tsakiyar huji zuwa ƙarshen faranti, ta inda nauyi yake ja
- e2: daga tsakiyar huji zuwa gefen faranti, a gicciye
- p1: tsakanin huji da huji a layin da nauyi yake bi
- p2: tsakanin layin bol da layin da ke kusa da shi

Huji ya fi bol faɗi da milimita 2 daga M16 zuwa M24, da milimita 3 daga M27 zuwa sama. Saboda haka bol M20 hujinsa milimita 22 ne. A lura da kyau: da d0 ake lissafin tazara, ba da d ba. Mai awon da ya ɗauki 20 a wurin 22 zai gajarce kowace tazara a farantin.

7.3 Iyakar ƙasa

```
e1 ≥ 1.2 d0
e2 ≥ 1.2 d0
p1 ≥ 2.2 d0
p2 ≥ 2.4 d0
```

Ga bol M20 wannan ya ba da milimita 26.4 daga ƙarshe da kuma daga gefe, 48.4 tsakanin bol da bol a layi ɗaya, 52.8 tsakanin layuka. Idan an goce layukan, wato hujin wani layi bai zo daidai da na ɗan'uwansa ba, p2 na iya sauka zuwa 1.2 d0 muddin nisan kowane bol biyu, a miƙe, bai gaza 2.4 d0 ba. Huji mai tsawo kuwa, nisansa daga baki kada ya gaza 1.5 d0.

7.4 Awon da za a yi aiki da shi

Lambobin 7.3 iyaka ce da ba a tsallakewa, amma ba su ne awon wannan aiki ba. Awon da za a huda da shi, a milimita:

| Bol | d0 | e1 | e2 | p1 | p2 |
|---|---|---|---|---|---|
| M16 | 18 | 35 | 30 | 60 | 60 |
| M20 | 22 | 40 | 35 | 70 | 70 |
| M24 | 26 | 50 | 40 | 80 | 80 |

Ya kamata shugaban maƙera ya san dalili, domin a nan ne aka fi samun gardama, a ce ai huji bai gaza abin da ƙa'ida ta yarda da shi ba. Bol yana danna ƙarfen da ke gabansa ne. Idan ƙarfen da ya rage tsakanin huji da baki kaɗan ne, huji zai fara miƙewa ya zama kamar ƙwai, bakin faranti ya kumbura, daga nan ƙarfen ya yage bol ya fice, alhali shi bol ɗin ko lanƙwasa bai yi ba. Ƙarfin da faranti yake jurewa a kowane bol shi ne:

```
Fb,Rd = k1 × αb × fu × d × t / 1.25
```

A ɗauki mahaɗin J4: faranti biyu masu kaurin milimita 12 da faɗin milimita 140, ɗaya a kan ɗaya, da bol M20 guda shida a layi biyu, uku-uku. An ɗauki fu, wato iyakar jan da ƙarfen faranti yake jurewa kafin ya tsinke, a matsayin 410 N/mm². Ga bol na ƙarshe, αb yana fitowa ne daga raba e1 da 3d0, k1 kuma daga 2.8 e2/d0 − 1.7, amma ba ya wuce 2.5.

Da awon teburin da ke sama, αb ya kai 0.61, k1 ya cika 2.5, faranti ya jure kusan 119 kN a bol ɗin ƙarshe. Da awon iyaka, e1 da e2 duka 26.4, αb ya sauko 0.40, k1 ya sauko 1.66, abin da ya rage kusan 52 kN ne. Bai kai rabi ba. Shi kuwa bol M20 na ajin 8.8 yana jure kusan 94 kN kafin ya guntule a layin yanka ɗaya ta wurin zare. Wato ragin milimita goma sha uku da 'yan kai a ƙarshen faranti, haɗe da ragin kusan tara a gefe, ya isa ya mayar da faranti abin da zai fara bayarwa. Lissafin J4 an gina shi a kan 40 da 35. Duk wanda ya rage su ya canza ƙarfin mahaɗin, ko da bai keta 7.3 ba.

Tazarar 70 tana kuma barin wurin da kan sufana zai shiga, washa mai faɗin milimita 37 ta zauna ba tare da ta hau wata ba. Inda bol yake kusa da walda ko kusurwar ƙarfe, a tabbatar washa ta kwanta sumul.

7.5 Iyakar sama

Nisa da yawa shi ma aibi ne: bakin faranti yakan ɗaga, ruwa ya shiga tsakani, tsatsa ta ci inda fenti ba ya kaiwa.

```
e1, e2 ≤ 4t + 40 mm
p1, p2 ≤ min(14t, 200 mm)
```

Ga faranti mai kaurin 12, milimita 88 ke nan daga baki, 168 tsakanin bol. A wannan aiki iyakar ta hau kan kowane mahaɗi, na ciki da na waje.

7.6 Hudawa da yanka

Da injin huda za a yi huji, a kuma goge kaifin bakinsa. An hana buɗe huji ko faɗaɗa shi da wutar gas, a masana'anta ko a filin gini. Huji kada ya kauce daga inda zane ya sa shi da fiye da milimita 2, kuma ko da wannan kaucewar ba a yarda a faɗa ƙasa da 7.3 ba. Ana auna e1 da e2 ne bayan an gama yanka da goge baki, domin abin da giranda ta ci ya fita daga lissafi.

Idan huji bai zo daidai ba wajen haɗawa, kada a doka bol da guduma don ya shiga, kada kuma a huda sabo a gefen tsohon. A kira injiniya.

7.7 Bincike da karɓa

Ɗan kwangila zai auna farantin farko na kowane irin mahaɗi gaba ɗaya kafin a ci gaba da sauran, sannan ɗaya cikin goma na abin da ya biyo. Mahaɗin J4 kuwa kowanne za a auna, a rubuta awon a takardar bincike da lambar farantin.

Farantin da ya gaza awon 7.4 amma bai gaza na 7.3 ba, a ware shi gefe a sa masa alama. Injiniya zai sake lissafi da awon da aka samu, ya ba da amsa a rubuce. Wanda ya gaza 7.3 an ƙi shi, ɗan kwangila ya sauya shi da kuɗinsa. Ba a cike huji da walda a sake hudawa sai da izinin injiniya a rubuce, tare da bayanin yadda za a yi waldar da yadda za a duba ta.