Musun Habu da Kawu Sale

Bayan sallar isha'i, Habu ya zauna gefen tabarmar Kawu Sale, ya ce, "Kawu, ashe Kano ta fi Legas yawan mutane?"

Kawu ya ajiye kofin shayi. "Kai yaro! Shekara goma sha biyu na yi ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ka taɓa ganin gadar Oshodi da safe? Ko allura ba ta samun wurin faɗuwa."

"Amma malaminmu ya ce a ƙidayar 2006 jihar Kano ce ta zo ta ɗaya."

"Jiha ka ce. Ƙananan hukumomi 44, har da ƙauyukansu. Ni gari nake nufi."

Habu ya yi shiru, yana wasa da bakin tabarma. Can ya ɗago.

"To Kawu, mutanenmu da ke zaune a Agege, a wane gari za a lissafa su?"