Roƙon ƙarin lokacin biyan kuɗin fankoki

9 ga Disamba

Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya iyali ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Na so in kira ka a waya amma nace gara in rubuta, don ka samu abin da zaka nuna wa akanta ɗinka, kuma maganar kuɗi a rubuce tafi zama. Akan kayan da kuka sauke min ranar 18 ga Nuwamba ne, katan 120 na fanka, 70 ta tsaye, 30 ta silin, sai 20 mai caji. Bisa ƙa'idarmu ta kwana 30, ranar 18 ga wannan watan ya kamata in cika maka kuɗinka gaba ɗaya, to gaskiya yadda nake ganin ciniki ba zan iya haɗa su duka ranar ba, shi yasa nake faɗa maka tun yanzu da sauran kwana tara, kar sai ranar tazo in fara kame-kame.

Alhaji ka fi ni sanin harkar nan, tunda sanyi ya shigo wa yake neman fanka? Cikin 120 ɗin nan 31 kacal suka fita, kuma yawanci masu cajin ne, su sun kusa ƙarewa ma saboda fitilar da ke jikinsu mutane suke saya. Na tsayen nan kuwa suna jibge a sito har yanzu da ledarsu, kullum da safe sai yaron shago ya kakkaɓe musu ƙura ya fito da biyu bakin ƙofa, da yamma ya mayar da su yadda ya fito dasu. Na silin dama masu gini ne suke ɗiba, wani ɗan kwangila da ya ɗauki 12 shima cewa yayi in yi haƙuri sai an biya shi ƙarshen Janairu, kaga kenan ko cikin 31 ɗin ba duka kuɗin ne suka shigo hannuna ba. Kuɗin suna nan kwance a cikin kaya, ga haya ga albashin yara su kuma basu san wani sanyi ba, wata yana ƙarewa sai an biya.

Abin da nake roƙo, dan Allah a mayar min da wa'adin wannan kayan kwana 90 maimakon 30, in biya kashi uku. Kashi ɗaya bisa uku ranar 18 ga Disamba kamar yadda aka tsara, wannan na riga na ware shi yana akawun, na biyu 17 ga Janairu, cikon kuma 16 ga Fabrairu. Ba ragi nake nema ba, farashin da ke kan takardar kaya shi zan biya, kuma rangwamen kashi 2 cikin 100 da kuke wa wanda ya biya da wuri na san babu shi a wannan karon, na yarda. In hankalinka zai fi kwanciya in rubuto cak guda biyu masu ɗauke da waɗancan ranakun ka ajiye a wajenka. In kuma kasuwa ta motsa kafin nan wallahi ba zan jira ranar ba, abin da ya shigo zan turo.

Na yi tunanin karya farashi in sayar a faɗuwa don in haɗa kuɗin da wuri, amma hakan zai ɓata wa sauran masu ɗaukar kayanka kasuwa, kuma in mutane suka saba da wannan farashin da wuya a dawo da shi in zafi yazo. Dawo maka da kayan ma ba dabara bace, kuɗin mota zuwa da dawowa, ga katan yana lalacewa wajen lodi da saukewa, bayan wata biyu kuma in dawo ina neman su.

Sai magana ta biyu, odar da zan sa tsakiyar Fabrairu don shirin zafi, ita ma in da hali a bani kwana 60, tunda sai Maris ciniki yake buɗewa sosai. Daga Afrilu mu koma kwana 30 ɗinmu kamar da. Shekara huɗu muna tare, ka duba littafinku zaka ga yadda nake biya.

Na san kaima akwai masu binka, kamfani ba zai jira ka don ni ba, in 90 ɗin tayi maka nisa ka faɗa min iya abin da zaka iya ɗauka mu daidaita. Ina so dai in ji daga gare ka kafin 14 ga wata don in san yadda zan tsara biyan farko, in ka amince ko saƙo ne a turo min a rubuce da ranakun.

A gaida Hajiya da yara. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
mai shagon kayan wuta